Tambarin shagona ya dushe: a ƙara masa girma ko a sake zana shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki a Daura, kuma ina so a buga mini allon talla mai ɗauke da tambarin shagon, wato Dagin Arewa da sunan shagon a ƙarƙashinsa. Hoton da ya rage mini shi ne wanda aka turo ta WhatsApp. Mai bugawa a Katsina ya ce sai an sake zana shi, da kuɗinsa daban. Ba za a iya ƙara masa girma kawai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mai bugawar ya faɗa miki gaskiya, kuma lissafi kaɗan zai nuna dalili.

Hoton da ke wayarki an gina shi ne da ƙananan ɗigo masu kusurwa huɗu da ake kira fiksel, adadinsu kuma ƙayyadadde ne. Mu ɗauka faɗinsa fiksel 400 ne, tsawonsa ma 400, kina kuma so ya cika mita ɗaya a jikin allo. Idan aka raba milimita 1,000 gida 400, kowane fiksel zai zama milimita biyu da rabi, wanda ido ke gani sarai, shi ya sa lanƙwasar dagin za ta fito da haƙora kamar bakin zarto. Allon da za a kalla daga kusa yana son ɗigo kusan 100 a kowane inci, wato wajen fiksel 4,000 a mita ɗaya. Ninki goma ke nan a faɗi, ninki goma a tsawo, don haka a cikin kowane fiksel ɗari da za a buga, ɗaya ne kawai ya fito daga hotonki, sauran 99 kwamfuta ce za ta kintata su ta hanyar gauraya launin maƙwabta. Abin da wannan gaurayawa ke haifarwa shi ne gefe mai hazo-hazo maimakon layi tsaf.

Akwai kuma wata matsalar. Tsarin JPEG, wanda WhatsApp ke turo hoto a cikinsa, yana matse hoto ne a gida-gida, fiksel 8 sau 8, yana barin datti a kewayen haruffa, kuma a girman da muka lissafa kowane gida zai kai santimita biyu. Ƙananan abubuwa ne suka fi shan wahala: na sha ganin lanƙwasar ɗ ta narke a allo, ɗinki ya koma dinki.

Zanen bekta, wato irin zanen da mai bugawar ke son a sake yi miki, ba ya adana ɗigo, umarni yake adanawa: layi ya tashi daga nan, ya lanƙwasa da kaza, ya tsaya can, a cika cikinsa da kore. Ke da kike tela kin san bambancin. Rigar yaro da aka riga aka ɗinka ba ta zama ta babba don an ja ta, amma wadda ta san yankan za ta fitar da shi a kowane awo. Fayil ɗaya zai yi miki hatimi, ya yi lambar wuyan riga, ya yi allo, kuma injin yankan sitika ma layin bekta wuƙarsa ke bi, ba ta da abin bi a hoton fiksel.

Aikin da za ki biya shi ne mai zane ya shimfiɗa tsohon hoton a ƙasa, ya kulle shi, ya bi siffar da hannu. Dagi yana da sauƙi ta wani ɓangare, domin ɓangarorinsa suna maimaita juna, sai ya zana madauki ɗaya da kyau ya juya shi zuwa sauran. Sunan shagon ba a bin sa da zane, ana nemo irin rubutun ne a sake buga shi, sannan a mayar da shi layuka da umarnin Convert to Curves na manhajar zane ta CorelDRAW, don kada ya sauya a kwamfutar da ba ta da wannan rubutu.

Wasu sukan yi gajeriyar hanya da PowerTRACE na CorelDRAW ko Image Trace na Illustrator, waɗanda ke bin hoton da kansu su mayar da shi bekta. A kan hoto babba mai tsabta suna aiki, amma a kan irin naki dattin za su bi da aminci, su fitar da da'ira mai karkarwa da ɗaruruwan maɗaurai, wato ɗigon da ke riƙe da layin, inda huɗu sun isa. Wasu kuma sukan saka hoton nan a cikin fayil na CDR, wato na CorelDRAW, ko PDF su ce ya zama bekta, alhali yana nan yadda yake.

Saboda haka kafin ki biya, ki sa a buɗe fayil ɗin a gabanki, a kusanto da gefen harafi ɗaya sosai. Idan bekta ne, gefen zai tsaya kaifi komai kusantowar. A kuma danna View sannan Wireframe a CorelDRAW, ki ga siraran layuka masu santsi, ba hoto a cikin akwati ba. Ki karɓi CDR da SVG da PDF, a tura miki su ta imel ko a matsayin Document a WhatsApp, tare da lambobin CMYK, wato awon haɗin tawadar bugawa, na launin tambarinki, don allo na gaba ya fito da launi ɗaya da na farko.