Nisan da jirgi mara matuƙi zai kai kaya

Tambaya: Daga Aboabo a Kumasi, batir mai 22.2V 10000mAh, jirgi da kaya kilo 5, ina zan iya kaiwa?

Ɗan'uwa, 10000mAh daidai yake da 10Ah, don haka batirinka na ɗauke da 22.2 × 10 = 222Wh. Ajiye kashi 20 cikin ɗari, kada ka zuƙe shi ƙarƙaf, saura 178. Mu ƙaddara jirgin na cin wat 700, kana da minti 15 ke nan. Cire biyu na tashi da sauka.

Iska ce mai yaudara. Idan gudunka mita 15 ne a daƙiƙa, iskar gaba na mita 5, za ka tafi da 10, ka dawo da 20. Dawowar ba ta biyan asarar tafiyar, domin ka fi daɗewa kana kokawa da iska. Minti 13 zai kai ka kilomita 5.2 ka dawo, maimakon kusan 5.9 idan babu iska.