Asarar canjin dala a kan inbois: a wace shekara take shiga lissafin haraji?

"Kamfaninmu ya sayo farantan sola na dala 20,000 bashi a watan Nuwamba, ba mu biya ba sai Fabrairu. Akanta ya rubuta mana asarar canji ta naira miliyan 1 a ƙarshen Disamba. Za mu iya cire ta daga ribar da za a yi wa haraji?"

Alhaji, a wannan shekarar dai ba za a cire ta ba. Akantanku bai yi kuskure ba, sai dai littafin kamfani daban, lissafin haraji daban, kuma a nan ne suke raba hanya.

Mu ɗauka ranar da kayan suka zama naku dala tana naira 1,500. Da farashin wannan rana ake shigar da inbois, wato bashin naira miliyan 30. Ran 31 ga Disamba dala ta kai 1,550, ku kuwa ba ku biya ba. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya mai suna IAS 21 ta wajabta a sake auna bashin da farashin ranar rufe littafi, sai ya koma miliyan 31. Miliyan 1 ɗin nan da ya ƙaru shi akanta ya rubuta asara. A asusun riba da asara yake zama, ba a ɗora shi a kan kuɗin farantan da ke sito, su suna nan a miliyan 30.

To amma ko sisi bai fita daga aljihunku ba. Asara ce ta kan takarda, gobe dala na iya sauka ta shafe ta. Matsayin hukumar tara haraji ta tarayya, wanda ta fayyace a sanarwar da ta fitar a 2024, shi ne bambancin canjin da bai tabbata ba ba ya ƙara riba ba ya rage ta. Sai ranar da aka biya bashin yake tabbata. Saboda haka a lissafin harajin shekarar farko za a mayar da miliyan 1 ɗin a kan ribar da littafi ya nuna.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne shekara ta biyu. A ce kun biya a Fabrairu dala tana 1,520, kuɗin da ya fita naira miliyan 30 da dubu 400. Littafi yana ɗauke da bashin miliyan 31, don haka zai nuna kun ci ribar canji ta dubu 600. Wanda bai san asalin maganar ba sai ya bar ta a yi mata haraji. Alhali kuwa a wajen haraji ana auna ranar biya ne da ranar da aka fara shigar da inbois: 1,520 a cire 1,500, saura naira 20, sau 20,000, asarar dubu 400 ke nan wadda ta tabbata. Hanyar kaiwa gare ta ita ce a cire miliyan 1 ɗin da aka mayar bara daga ribar bana. Idan aka manta, za ku biya haraji a kan miliyan 1 da ba ku ci ba, wato naira dubu 300 a kan kashi 30 cikin ɗari. Galibi idan an sauya akanta tsakanin shekarun ne wannan yake faruwa, shi ya sa ya kamata kowane inbois na dala ya samu layinsa a jadawali: farashin ranar shigarwa, na ƙarshen shekara, na ranar biya. Da kun biya rabi a Disamba, bambancin wannan rabin ya tabbata a shekarar farko, sauran ya jira.

Duk wannan ya tsaya ne a kan cewa farantan hajar sayarwa ce. In na ɗorawa a rufin masana'antarku ne, sun zama kadara, asarar canjin da ke kansu ta ɓangaren jari ce, ba a cire ta kai tsaye kamar kuɗin gudanarwa.

Sai kuma inda kuka samo dalar. A ƙarƙashin dokar haraji ta 2025 da ta fara aiki a Janairun 2026, abin da aka kashe da kuɗin waje ana amincewa da shi ne gwargwadon farashin hukuma da Babban Bankin Najeriya ya wallafa. Da kun saya wajen 'yan canji a 1,600 ranar da farashin hukuma yake 1,520, ƙarin naira 80 a kowace dala, miliyan 1 da dubu 600 gaba ɗaya, kada ku sa rai za a bar ku ku cire shi. Ku ajiye takardar bankin da ke nuna rana da farashin da aka yi muku, tare da inbois ɗin da takardun kwastan, domin su masu binciken haraji suke fara nema.