Shawarar gyara kan maganin da ake tsallakewa a ɗakin jinya

Tambaya: "An ce in rubuta shawarar gyara saboda ana tsallake ba marasa lafiya magani a ɗakinmu. Ta ina zan fara?"

Malama, kafin ki rubuta komai, ki ɗauki takardun maganin marasa lafiya na mako biyu, ki ƙirga gurbin da aka bari babu sa hannu kuma babu dalili, domin wanda ya ƙi sha ko aka hana shi ci saboda tiyata lissafinsa daban ne. A ce cikin bayarwa 400 da ya kamata a yi kin sami gurbi 40, wato kashi 10 cikin ɗari. Shi ne ma'auninki na farko.

Sai ki duba lokacin da abin ya fi yawa. Idan akasarinsu sun faɗo daidai canjin aiki, kada ki ɗora laifi a kan kowa, don tsoro yana sa a cike takarda ba tare da an ba da maganin ba. Ki ba da shawarar gyara guda ɗaya: mai tashi da mai karɓa su duba takardun tare a bakin gado, su fara da insulin da maganin farfaɗiya. Ki rubuta burinki, misali a sauko zuwa kashi 5 cikin ɗari a cikin wata uku, da wanda zai riƙa ƙirgawa kowane mako.