Ribar asusun bankin Musulunci, wata shida ban ga ko sisi ba

"Jama'a, na buɗe asusu a bankin Musulunci wata shida ke nan, ba riba sai cire kuɗin alat. Wai ya ake rabon ribar nan, kuma me ya bambanta ta da ruwa?"

Ɗan uwa wallahi kamar labarina ka rubuta. Kafin komai ka koma ka tambaye su wane iri suka buɗe maka, ƙardi ko mudaraba. Nan aka yi mani sakiyar da ba ruwa.

Shekaran bara na saida shanu a kasuwar Mai'adua, miliyan 2 na ware don kayan ɗakin ɗiyata. Wani yaro mai tallar banki ya biyo ni har shago nan Daura, Alhaji kaza Alhaji kaza, ya cika fom da hannunsa ni dai na sa hannu. Wata takwas shiru. Da na je sai ma'aikaciya ta duba ta ce ai Baba naka na ƙardi ne, bashi ka ba banki, kuɗinka na nan cif amma ba a raba maka komai. Na nemi yaron wai an maida shi wani reshe, waya kuma ya daina ɗagawa, ga kuɗin kujeru sun tashi kafinta ya ƙara mani, ranar ko tuwon dare ban iya ci ba. Ban ce cuta ta ya yi ba amma bai yi mani bayani ba, lissafin yawan asusu kawai yake.

Mudaraba ita ce mai riba. Kai mai dukiya, banki mai juyawa, ya sayi kaya ya saida da ƙari, ko ya ba da haya, ko ya sa a sukuk, wato takardar zuba jari ta Musulunci, irin wanda gwamnatin tarayya ta fara a 2017 don yin hanyoyi. In sun ce maka kashi 40, ba 40 na kuɗinka ba ne fa, na ribar da aka samu ne. A ce an tara miliyan 100, wannan watan ta kawo miliyan 1. Masu ajiya suna da dubu 400, ni mai miliyan 2 sai in tashi da dubu 8. Wani watan in kasuwa ta yi sanyi ka ga dubu biyar. Kuma da ragowar kuɗinka na kullum suke lissafi, mai yawan cirewa kaɗan zai gani.

Na bankin ruwa an yanka maka tun farko, ko sun ci ko sun faɗi. Nan kuwa in an yi asara ba da sakacin banki ba, a ƙa'ida uwar kuɗinka ce ke taɓuwa, shi banki wahalarsa ta tafi a banza. Ni dai tunda na sauya zuwa mudaraba ban ga haka ba.

Kuɗin alat kam ko'ina sai an cire, wannan ladan aiki ne. Ka ce su nuna maka kason a rubuce, kuma kar ka bari kowa ya cika maka fom.