Amsar Yaya mai shagon kwamfuta kan fayil ɗin sunayen manoma

Tambayar sakataren ƙungiya: "Yaya, na tura wa yaron shagonka jerin sunayen manomanmu na taki tun safe, ya ce wai fayil ɗin babu komai a ciki. Ai ya san mutanenmu, kuma na bara yana kwamfutarku. Me zai hana ya cike kawai ya buga mana?"

Assalamu alaikum jama'ar gida. Malam Sakatare, na ji saƙonka, ina kan babur ne daga Kura shi ya sa ban amsa da wuri ba. To ka yi haƙuri, ni na hana shi. Ni na ce masa duk ranar da ya buɗe abu ya ga wayam, ya faɗa wa mai shi wayam ya gani, ko da kuwa hakimi ne ya turo.

Bari in gaya maka abin da ka turo, don yanzu na zauna na duba da idona. Sunan fayil ɗin `~$manoma.xlsx`. Ka duba farkon sunan da kyau, akwai wata 'yar lanƙwasa da alamar dala. Wannan ba jerin sunayenku ba ne. Duk sanda mutum ya buɗe aiki a Excel ko Word, kwamfutar tana ajiye wani ɗan ƙaramin fayil a gefensa mai irin wannan suna, aikinsa kawai ya nuna cewa wani yana riƙe da aikin, kamar yadda mutum ke ajiye buzunsa a sahu ya tafi alwala. In an rufe aikin lafiya sai ya ɓace da kansa. In kuwa wuta ta ɗauke, ko aka fizge filash aikin yana buɗe, sai ya maƙale a nan. Shi ka ɗauko ka turo. Girmansa `1 KB` yake nunawa, a gaskiya ma bai cika ɗayan ba, kuma abin da ke cikinsa bai wuce sunan mai kwamfutar da ya buɗe aikin ba. Sunaye 143 da lambar waya da yawan buhu ba za su shiga nan ba. Takardar Excel da ba a rubuta komai a cikinta ba ma ta fi haka nauyi sau da yawa.

Da yaron ya danna, ga abin da allon ya rubuto masa, ya ɗauki hotonsa ma: `the file format or file extension is not valid`. Ma'ana abin da ke ciki bai yi kama da Excel ba, sunan kawai ya ara. Bai tsaya nan ba, ya yi dabarar da na koya masa. Fayil mai ƙarewa da `.xlsx` ko `.docx` ƙunshi ne a matse, in ka kwafe shi ka mayar da ƙarshen sunan `.zip`, mai lafiya zai buɗe ka ga ƙananan fayiloli a ciki. Naka ko motsi bai yi ba. Daga nan ne ya kira ka. Saboda haka ba ƙyuya ya yi ba, ya gwada abin da ake gwadawa.

 

Yanzu maganar a cike da na bara. Malam, ni fa wannan abin ya taɓa cina, shi ya sa nake zafi a kai. Shekarun baya ina da wani yaro a shagon, ba zan kira suna ba, ya bar garin ma. Wata ƙungiyar masu noman rani ta turo irin wannan jerin, ranar ba sabis sosai, fayil ɗin ya sauko rabi ya tsaya. Yaron nan kunya ta hana shi ya ce wa dattijo abinka bai buɗe ba. Sai ya lalubo na shekarar da ta wuce, ya canza kwanan wata a sama, ya buga tsaf, ya sa a ambulan. Wallahi takardar ta yi kyau, layi-layi, ba kuskuren rubutu ko ɗaya. Matsalar ke nan ma, don da ta fito a hargitse da wani ya tsaya ya duba. Shugabansu ya sa hannu, aka kai.

Ranar rabo aka kira sunan wani bawan Allah da ya rasu tun kafin azumi, buhu biyu na kamfa da ɗaya na yuriya. Aka yi tsit. Mata uku da suka shiga ƙungiyar a shekarar, sun biya kuɗin rajista, sun zo da kura za su ɗauki nasu, babu sunansu. Wani kuma ya ƙara fili, an rubuta masa buhu huɗu a littafi, takarda ta ce biyu. Wa aka zarga? Sakatarensu. Aka ce shi ya cusa mamaci don ya ci takin. Mutumin nan har gida ya same ni bayan isha'i da littafinsa a hannu, muna haska fitilar waya muna bi layi-layi, sai a suna na bakwai muka gane takardar bara ce. Har yau in mun haɗu a kasuwa gaisuwarmu ba ta wuce a tsaitsaye. Kuɗin bugawar nawa ne ma duka? Bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. To kai kake so a sa a wannan kujerar?

Kuma ku matasan da ke cikin gurup ɗin nan masu ɗora takardu a manhajojin ƙirƙirarriyar basira na waya don su taƙaita muku, abin ɗaya ne. In fayil bai karantu ba, wani lokaci manhajar takan bi sunan fayil ɗin da abin da ka rubuta mata ta tsara maka bayani mai kama da gaskiya. Musamman PDF ɗin da aka yi da hoton takarda, kai kana ganin rubutu, amma a cikinsa hoto ne zalla, in manhajar ba ta iya karanta hoto ba to a wurinta farar takarda ce. Ka gwada sa yatsa ka zaɓi kalma ɗaya a ciki, in ta ƙi zaɓuwa hoto ne. Wadda ta fito fili ta nuna ba ta ga komai ba ita ta yi maka aiki. Gwajin kuma shi ne wanda muka yi da sakataren nan a wancan daren, ka ɗauki layi ɗaya da ka sani, na bakwai ko na ƙarshe, ka gwada da littafinka. Ko da yake wannan wata magana ce, mu bar ta.

Abin da za ka yi, Malam, ka koma filash ɗin, ka nemi `manoma.xlsx` wanda ba shi da lanƙwasa da dala a gaba. Ka duba girmansa kafin ka turo, ya kamata ya haura `10 KB`, in ka ga `0 KB` to shi ma ya tafi, kar ka wahalar da datarka. Ka turo shi ta `Document` a WhatsApp, ka jira sai da'irar nan ta gama zagayawa kafin ka kashe data. In babu shi gaba ɗaya, ka ɗauki hoton littafin ƙungiya shafi-shafi a waje inda akwai haske, yaron zai buga shi sabo, awa ɗaya ya ishe shi, sannan ka zo ku bi sunayen tare kafin shugaba ya sa hannu. Janareta na kunne har magariba. Kuɗin bugun kuma ka bar shi, mun yi magana daga baya.