Amsa imel ɗin mai shago idan kuɗin haya ya makara

Tambaya: "Malam, mai shagon da nake haya ya aiko mini da imel cewa kuɗin haya ya wuce lokacinsa da kwana biyar. Kashi 60 cikin 100 ne a hannuna, sauran kuma ina jiran wani da na ba kaya bashi ya biya ni ranar 15 ga wata. Yaya zan amsa masa ya ɗaga mini ƙafa?"

Amsa: Ɗan'uwa, ka amsa masa yau, kuma a ƙarƙashin saƙon da ya aiko, domin maganar ta zauna wuri guda. Kafin ka rubuta, ka buɗe takardar yarjejeniyar haya ka duba ko akwai tarar jinkiri, da kuma kwanakin da aka ba ka kafin ta fara hawa, don kada ka roƙi abin da dama hakkinka ne.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne ranar da za ka ambata. Kada ka ce 15 ga wata, domin wannan alkawarin wani ne a gare ka, kuma idan ya saɓa da kwana biyu kacal, kai ne za ka zama mai saɓa alkawari a rubuce, alhali da wuya mai shago ya sake saurarar roƙo na biyu. Ka ƙara kwana biyar ka ce 20 ga wata. Haka kuma ka guji cewa "nan ba da jimawa ba", domin shi ma yana da hidimomin da yake jiran kuɗin nan ya yi. Abin da ke hannunka kuwa, ka tura shi kafin saƙon, ka haɗa da rasit. Ga yadda za ka rubuta:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Na ga saƙonka, kuma gaskiya ne kuɗin haya ya makara, ina neman afuwa. Yau na tura kashi 60 cikin 100, ga rasit na haɗa. Jinkirin ya faru ne saboda kuɗin kayan da na sayar bai shigo a kan lokaci ba. Ina roƙon ka ɗaga mini ƙafa zuwa ranar 20 ga wannan wata in cika sauran. Idan ka amince, don Allah ka tabbatar mini ta wannan imel, ka kuma sanar da ni ko akwai tara. Na gode."

Ka lura cewa dalilin jimla ɗaya ce tak, domin dogon bayanin halin kasuwa yakan sa mai shago ya fara tunanin ko wata mai zuwa ma ba za ka iya biya ba.

Karɓar wani ɓangare na kuɗin ba ya nufin ya amince da ƙarin lokacin. Idan ta waya ya amsa maka, ka aika masa gajeren imel a ranar, ka rubuta abin da kuka tsayar da kwanan watan da kuka yanke.