Share Tsofaffin Rubuce-rubuce Ba Tare da Rufe Shafi Ba

"Malam, na buɗe Facebook tun 2014 ina sakandare. Yanzu ina neman aiki, kuma akwai hotuna da maganganun ƙuruciya da nake jin kunyar a gani. Ba na son rufe shafin domin a nan nake tallar turaren wuta. Ina mafita?" Daga wata baiwar Allah a Samaru.

'Yata, ki kwantar da hankalinki, domin aikin nan da hannunki za ki yi shi, kuma ba zai ci miki komai ba sai data da haƙuri. Kafin ki goge ko da abu guda, ki nemi Facebook ya ba ki kwafin duk abin da kika taɓa ɗorawa, ta wurin da aka rubuta Accounts Center, saboda a cikin abin da kike jin kunya a yau akwai hotunan 'yan'uwa da ƙawaye waɗanda wata rana za ki nema ki rasa. Kwafin yakan ɗauki lokaci kafin ya haɗu, don haka ki jira ya sauka a wayarki tukuna.

Daga nan ki shiga Activity log, wato jerin duk abin da kika taɓa yi a shafin, ki zaɓi sashen abubuwan da kika wallafa, ki tace su da shekara. Ki fara da 2014 ki gama da ita kafin ki shiga 2015, kina zaɓen su rukuni-rukuni, domin idan kika kwaso shekaru biyar a lokaci guda shafin yakan tsaya, ki kasa sanin abin da ya tafi da wanda ya rage. Za a ba ki zaɓi biyu. Archive yana ɓoye abu daga idon kowa ya bar miki shi ke kaɗai, Trash kuwa yana riƙe shi kwana 30 sannan ya goge shi har abada. Duk abin da kike kokwanto a kansa ki kai shi na farkon, ki bar na biyun ga abin da kika tabbata ba kya son sake gani.

Sai dai ki sani cewa wannan sharar ba ta kai ko'ina ba. Sharhin da kika yi a ƙarƙashin rubutun wasu yana da nasa sashen a Activity log, kuma sau da yawa nan ne maganganun da suka fi zafi suke. Hoton da wata ta ɗora ta maƙala sunanki ba naki ba ne, iyakarki ki cire sunan, sannan ki roƙe ta ta sauke shi. Idan kin gama, ki ari wayar wanda ba ya cikin abokanki ki duba shafin, don ki ga abin da baƙo zai gani.

"Ni a X nake, yaya zan yi?" Daga wani ɗalibi a Kongo.

X, wato tsohon Twitter, ba shi da hanyar gogewa da yawa a lokaci guda, sai ɗaya bayan ɗaya. Manhajojin waje da ke wannan aiki kan tsaya a rubutu 3,200 na baya-bayan nan, sai ka ba su kwafin tarihin shafinka kafin su kai ga na can baya. Idan abin da ke damunka bai fi ɗari ba, ka nemo su da kalma ka goge da kanka.

"Wani mai gyaran waya ya ce in ba shi lambar sirrina da naira dubu biyar ya share mini komai. Kuɗin bai yi yawa ba?" Daga wani magidanci a Tudun Wada.

Alhaji, har kuɗin ne ya dame ka? Ko kyauta ya ce zai yi, bai kamata ka saurare shi ba. Wanda ya riƙe lambar sirrinka ya riƙe saƙonninka na Messenger da hotunan iyalinka, kuma yana iya sauya lambar waya da imel ɗin da ke kan shafin ya kulle ka a waje, sannan ya bi abokanka da sunanka yana cewa an kwantar da kai a asibiti a taimaka da kuɗi. Mutum ya tafi rufa wa kansa asiri ya ɓuge da miƙa asirin gaba ɗaya ga wanda bai san gidansu ba! Haka nan duk manhajar da ta ce ka rubuta lambar sirrin Facebook a cikinta, ka ɗauke ta a matsayin ta bogi, komai kyan tallarta. Idan hanyar ce ta shige maka duhu, ka zaunar da ɗanka ko ƙanenka ya nuna maka, wayar tana hannunka. Idan kuwa ka riga ka bayar da lambar, ka sauya ta yau ɗin nan, ka shiga Where you're logged in ka fitar da duk na'urar da ba ka sani ba, sannan ka kunna Two-factor authentication, wato tsaron da ke neman shaida ta biyu bayan lambar sirri kafin a shiga shafin.